Dalilin da ya sa ake cewa *the news is* alhali kalmar ta ƙare da *s*

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ina koyar da Turanci a ƙaramar sakandare, kuma na saba gaya wa ɗalibaina cewa sunan da ya ƙare da *s* jam'i ne, sai a bi shi da *are*. Kwanan nan wani yaro ya tsare ni da *the news is* da *economics is*, ya ƙara da cewa *children* da *feet* jam'i ne amma ba su da *s*. Ina roƙon a warware mini lamarin yadda zan koyar da shi ba tare da na rikita yara ba.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Ƙa'idar da kike koyarwa tana aiki a kan mafi yawan sunayen Turanci, don haka babu laifi a fara da ita. Abin da ya rage shi ne yara su san cewa harafin *s* alama ce kawai wadda takan yi daidai a mafi yawan lokuta, amma hukuncin tilo ko jam'i yana hannun abubuwa biyu: rukunin da sunan ya fito, da kuma ma'anar da yake ɗauke da ita a cikin jimlar da ke gabanmu. Idan aka raba siffar kalma daban, aka raba lissafin da nahawu ke yi mata daban, sai a ga cewa duk misalan da yaron ya kawo suna da gurbinsu.

Yana da kyau a fara sanin inda wannan lissafi yake fitowa fili, domin a Turanci wuraren ba su da yawa. A Hausa kusan kowace jimla tana tona asirin aikau, saboda dole mu ce *ya zo* ko *ta zo* ko *sun zo*. A Turanci kuwa *came* ɗaya ce ga kowa, ko mutum ɗaya ne ya zo ko dubu. Bambancin yana bayyana ne a tsakanin *is* da *are*, *was* da *were*, *has* da *have*, *does* da *do*, sai kuma aikatau na lokacin sabo, kamar *comes* da *come*. Bayan aikatau, yana bayyana a *this* da *these*, a *much* da *many*, da kuma wakilin sunan da zai biyo baya, wato *it* ko *they*. Akwai kuma wani tarko da ya kamata a kwance tun da wuri: *s* a ƙarshen suna tana nuna jam'i, amma *s* a ƙarshen aikatau tana nuna tilo. Shi ya sa ake cewa *the boy comes* da *the boys come*. Ɗalibin da bai riƙe wannan ba, ko ya san cewa *news* tilo ce, zai rubuta *the news come* yana zaton ya zaɓi aikatau na tilo.

Kalmar *news* asalinta jam'i ce da gaske. Ta samo asali ne daga sifar *new*, wato sabo, aka yi mata jam'i a wajejen ƙarshen ƙarni na 14 da ma'anar sababbin abubuwa, kamar yadda Faransanci ke cewa *nouvelles*. An daɗe ana yi mata lissafi biyu. A ƙarni na 16 da na 17 marubuta sukan rubuta *this news* su kuma rubuta *these news*, har cikin ƙarni na 19 ana samun masu cewa *the news are*. Abin da ya karkatar da ita shi ne ba ta da tilon da za a koma wa. Babu wanda yake cewa *a new* yana nufin labari guda, kuma sunan da ba a iya ware guda daga cikinsa, masu harshe sukan daina ganinsa a matsayin abubuwa da yawa, su koma ganinsa a matsayin dunƙulallen abu kamar ruwa ko yashi. A nan zan ɗan ratse in ce bayanin da ya yaɗu a makarantunmu, wai kalmar ta haɗu ne daga haruffan farko na *North*, *East*, *West* da *South*, ƙirƙira ce da aka yi daga baya, kuma bai kamata ta shiga allon aji ba.

Mai Hausa yana da misalin irin wannan tafiya a cikin harshensa. Kalmar *kuɗi* asalinta jam'in *wuri* ce, tun zamanin da ake ciniki da farin wuri ana ƙirga shi ɗaya bayan ɗaya. Yau wuri ya bar kasuwa, kuma za ki ji mutum ya ce kuɗin ya ƙare, wani ya ce kuɗin sun ƙare, babu wanda zai ce ɗayansu ya yi kuskure. Bambancin kawai shi ne Hausa ta bar ƙofofin biyu a buɗe, Turanci na yau kuwa ya rufe ƙofar jam'i a kan *news* gaba ɗaya.

Abin da ke biyo bayan wannan ya fi batun *is* faɗi, kuma a nan ne na fi ganin ɗalibanmu suna tuntuɓe. Tunda *news* ba a ƙirga ta, ba ta karɓar *a*, ba ta karɓar lamba, ba ta karɓar *many* ko *these*. Jimlar *I have a good news* kuskure ce duk da yawan jinta da ake yi a bakin mutane. Daidai shi ne *I have good news* ko *I have some good news*. Idan ana son ƙirgawa sai a aro ma'auni, a ce *a piece of news* ko *two items of news* ko *three news stories*, sannan aikatau ya bi ma'aunin, kamar *two pieces of news have reached us*. Tushen kuskuren a fili yake, domin a Hausa labari yana da jam'i, labarai, kuma muna cewa labarai uku ba tare da wata damuwa ba. Wannan dalili ne kuma yake haifar da *informations* da *advices* da *equipments* da *furnitures*, saboda kunnen yaro ya saba da bayanai da shawarwari da kayayyaki. Waɗannan huɗu da *news* rukuninsu ɗaya a nahawu, sai dai ita ta zo da *s* a jikinta su kuwa ba su da ita, kuma ina ganin ya fi amfani a koyar da su a darasi guda.

Sunayen fannonin ilimi masu ƙarewa da *-ics* labarinsu ya fi tsawo, kuma su ne suka cancanci a tsaya a kansu. Asalinsu Girkanci ne. Girkawan dā sukan sa wa littafi ko fanni suna da jam'in sifa, su ce *ta physika*, wato al'amuran halitta, ko *ta politika*, wato al'amuran gari da mulkinsa. Fannonin da suka shiga Turanci da wuri, kafin shekarar 1500, sun shiga ne ba tare da *s* ba, shi ya sa har yau ake cewa *logic* da *music* da *arithmetic* da *rhetoric*. Daga ƙarni na 16, lokacin da malaman Turai suka koma karanta Girkanci kai tsaye, sai aka fara kwaikwayon jam'in na asali ta hanyar ƙara *s*, aka samu *mathematics* da *physics* da *ethics* da *politics*, daga baya *economics* da *statistics* da *linguistics* suka bi sahu. To amma fanni abu ɗaya ne a jadawalin darussa, malami ɗaya, jarrabawa ɗaya, saboda haka aikatau ya bi ma'ana ya bar siffa: *physics is difficult*, *economics has many branches*. Taƙaitaccen sunan lissafi ma haka yake. Ingilawa suna cewa *maths*, Amurkawa suna cewa *math*, kuma dukansu *is* suke bi da shi.

Inda aikin yake shi ne wasu daga cikin waɗannan kalmomi suna da ma'ana ta biyu, kuma idan suka koma waccan ma'ana sai su koma jam'i. Mafi bayyanar misali ita ce *statistics*. Idan ana nufin fannin da ake karantawa a jami'a, tilo ce: *statistics is a compulsory course*. Idan ana nufin alƙaluman da aka tattara, jam'i ce: *the statistics show that prices have risen*. A wannan ma'ana ta biyu har tilo aka samar mata, ana cewa *a shocking statistic* a kan adadi guda. Haka *acoustics*: ilimin sauti tilo ne, amma yadda sauti ke amsawa a cikin wani zaure jam'i ne, kamar *the acoustics of this hall are poor*. Ita ma *economics* da yaron ya kawo tana da wannan fuska, domin idan ɗan kasuwa yana maganar lissafin riba da asara na wata sana'a, zai iya cewa *the economics of rice milling are not encouraging*. Kalmar *politics* ta fi su sassauci: harkar siyasa gaba ɗaya an fi yi mata *is*, ko da yake ana jin *are* a wasu lokuta, amma ra'ayin siyasar mutum jam'i ne, *his politics are well known*.

Akwai alama mai sauƙi da za ki ba ɗalibai a nan. Idan kalmar ta tsaya ita kaɗai, babu *the* babu *his* a gabanta, kusan kullum sunan fanni ce, sai a ba ta aikatau na tilo. Idan *the* ko *these* ko *his* ta gabace ta, musamman in *of* ta biyo baya tana danganta ta da wani abu takamaimai, to a tsaya a duba, mai yiwuwa an koma maganar alƙaluma ko halaye ko ra'ayoyi. Na ce a tsaya a duba ne domin alamar ba ta yanke hukunci ita kaɗai. Jimlar *the mathematics we did last term was easy* tana da *the*, amma har yanzu darasi ake nufi, kuma *mathematics* ba ta cika barin tilo ba.

Sauran masu kama da jam'i ba sa buƙatar dogon bayani. Sunayen wasu cututtuka, kamar *measles* wato ƙyanda, da *mumps* wato hangum, da *rickets* da *shingles*, an fi ba su aikatau na tilo domin cuta guda ake nufi: *measles is preventable*. Su kuwa *diabetes* da *rabies*, harafin da ke ƙarshensu bai taɓa zama alamar jam'i ba, haka suka zo a tilonsu daga Girkanci da Latin. Sunayen wasanni irin su *draughts* da *billiards* da *darts* tilo ne idan wasan ake nufi, amma in aka ce *the darts are on the table* an koma maganar 'yan kibiyoyin da ake jifa da su. Sunayen ƙasashe da ƙungiyoyi ma tilo ne, kamar *the United Nations has* da *the Netherlands is* da *the Philippines is*. Ita kanta *the United States* an daɗe ana yi mata *are*, sai a hankali cikin rabin ƙarshe na ƙarni na 19, bayan yaƙin basasar ƙasar na 1861 zuwa 1865, *is* ta rinjaya. Ƙungiyoyin ƙwallo sun fita daga wannan tsari, domin a kansu 'yan wasa ake gani, shi ya sa jaridu ke rubuta *the Super Eagles have qualified* da *Kano Pillars are playing at home*. Haka kuma adadin kuɗi ko lokaci ko nisa, idan dunƙule shi aka yi aka auna, tilo ne: *ten years is a long time*, *two hundred kilometres is not far by road*.

Wani ƙaramin rukuni kuma siffarsa ɗaya ce a tilo da jam'i, kamar *means* da *series* da *species* da *crossroads* da *headquarters* da *barracks*, wadda daga gare ta ne muka samu kalmar bariki. A nan kalmar da ta gabaci sunan ce take yin jagora: *this means of transport is cheap*, amma *all means have been tried*, *a new species was found*, amma *many species are disappearing*. Kuskuren da aka fi yi shi ne yanke *s* don a samar da tilo, a rubuta *a mean of transport* ko *a specie of bird*. Kalmomin *mean* da *specie* suna nan a ƙamus, amma da wasu ma'anoni dabam, ta farko matsakaicin adadi a lissafi, ta biyu tsabar kuɗi na ƙarfe.

Ya zama dole a ajiye kishiyar wannan rukuni kusa da shi, in ba haka ba yaro zai ɗauka cewa duk sunan da ba shi da tilo *is* yake karɓa. Kayan da ke da ɓangarori biyu a haɗe, irin su *trousers* da *scissors* da *pliers* da *glasses*, jam'i ne a kullum, ko da abu ɗaya ake nufi: *my trousers are torn*. Ga mai Hausa wannan baƙon abu ne, domin wando da almakashi da tabarau duk tilo ne a wurinmu, kuma daga nan ne *my trouser is* ta samu gindin zama a Turancin da ake yi a Najeriya. Idan ana son ƙirgawa sai a kawo *pair*, kuma da zarar ta shigo ita ce aikatau zai bi: *this pair of trousers is new*, *two pairs of scissors are missing*. Haka *goods* da *clothes* da *premises* da *savings* da *outskirts*, duk jam'i ne marasa tilo a ma'anar da aka san su da ita. Sai kuma guda uku da ba su da *s* ko kaɗan amma jam'i ne tsantsa, wato *police* da *cattle* da *people*. Ana cewa *the police have arrived*, kuma ɗan sanda guda *a police officer* ne, ba a ce masa *a police*.

Jam'in da bai bi ƙa'ida ba kuwa, irin *feet* da *children*, matsalarsa ta fi sauƙi ta wata fuska, domin babu ruɗani a kan aikatau: jam'i ne, *are* yake karɓa. Wahalar a siffar take, kuma sanin dalilinta yana rage haddar. Turancin dā, wanda aka yi kafin shekarar 1100 ko kusa da haka, yana da hanyoyin jam'i da yawa, abin da ba zai ba mai Hausa mamaki ba tunda mu har yau muna da gida da gidaje, doki da dawaki, mota da motoci. A hankali hanyar *s* ta cinye sauran, sai 'yan kalmomin da ake faɗa kullum, waɗanda yaro ke ji tun yana goye, suka tsira da tsohuwar siffarsu.

Masu sauya wasali guda bakwai ne a Turancin yau: *man* da *men*, *woman* da *women*, *foot* da *feet*, *tooth* da *teeth*, *goose* da *geese*, *mouse* da *mice*, *louse* da *lice*. Dalilinsu ɗaya. A harshen da ya haifi Turanci da Jamusanci, jam'in waɗannan kalmomi yana da ɗafa-ƙeya mai wasalin *i*. Yayin furuci, harshe yakan fara matsawa gaba tun kafin ya kai ga wannan *i*, sai wasalin tsakiyar kalma ya sauya ya kusance shi. Daga baya ɗafa-ƙeyar ta zube, sauyin wasalin ya rage shi kaɗai yana nuna jam'i. Kalmar *book* ma da can tana cikin wannan rukuni kafin ta koma karɓar *s*. Masu *-en* uku ne kacal: *oxen*, da *children*, da *brethren* wadda ta rage a harshen addini da na ƙungiyoyi. Ita *children* jam'i biyu ne a kan juna, domin tsohon jam'in yana da *r*, sai aka sake ɗora masa *-en*; yaron da ya rubuta *childrens* ya ɗora na uku ke nan. Su kuwa *sheep* da *deer*, tun a Turancin dā jam'insu ba shi da ɗafa-ƙeya, sai aka bar su haka, kuma *fish* da *aircraft* suna tafiya a kan wannan tsari. Ga waɗannan, aikatau da abin da ya gabace su ne kaɗai ke nuna adadi: *that sheep is limping*, *those sheep are for sale*.

Masu sauya *f* zuwa *v*, kamar *leaf* da *leaves*, *knife* da *knives*, *thief* da *thieves*, *wife* da *wives*, *half* da *halves*, sun samo hakan ne daga wata ɗabi'ar furuci ta dā, inda *f* ke komawa *v* idan ta faɗa tsakanin sautuka masu ziza, kamar wasula. Kalmomin da aka aro daga Faransanci bayan wannan ɗabi'a ta daina aiki ba su bi ta ba, shi ya sa ake cewa *chiefs* da *proofs* da *safes*. Ba kowace kalma ce wannan bayani zai warware ba, domin *roof* tsohuwar kalmar Turanci ce amma *roofs* ake rubutawa, kuma *scarf* da *hoof* suna karɓar siffofin biyu. Wanda ya fi cutar da ɗalibai a rubutun insha'i shi ne *beliefs*, da suke rubutawa *believes*, alhali wannan ta biyun aikatau ce.

Kalmomin aro daga Latin da Girkanci su ne suka fi kusa da batun *news*, domin a cikinsu ana ganin irin wannan sauyi yana faruwa a idonmu. Tsarinsu sananne ne: *crisis* da *analysis* da *basis* da *thesis* suna komawa *crises* da *analyses* da *bases* da *theses*, *criterion* da *phenomenon* suna komawa *criteria* da *phenomena*, *bacterium* da *curriculum* suna komawa *bacteria* da *curricula*, *stimulus* da *alumnus* suna komawa *stimuli* da *alumni*. A lura cewa *crisis* da 'yan uwanta sun ƙare da *s* amma tilo ne, don haka *the crisis is over*. Jam'in da ya ƙare da *a* kuwa, kunnen mai Turanci ba ya jin jam'i a cikinsa, saboda haka yana ta zamewa zuwa tilo. Kalmar *agenda* ta gama zamewa: asalinta jam'i ce a Latin, abubuwan da za a aikata, amma yau ana cewa *the agenda is long*, har an yi mata sabon jam'i, *agendas*. Kalmar *data* tana tsakiyar hanya. Masana kimiyya da yawa suna riƙe da *the data are*, amma *the data is* ta karɓu a rubutu na yau da kullum, kuma babu mai cewa *my data are finished* yana nufin na wayarsa. Haka *media* take tsakanin biyun. Amma *criteria* da *phenomena* ba su kai nan ba a rubutu mai tsafta, don haka *this criteria is* har yanzu kuskure ne da mai duba takarda zai ja wa layi. A ra'ayina, ɗalibin da ke shirin jarrabawa ya riƙe jam'i a kan *criteria* da *phenomena* da *bacteria* ba tare da sassauci ba, a kan *data* kuwa ya zaɓi lissafi ɗaya ya tsaya a kansa daga farkon rubutu zuwa ƙarshe.

Bari mu gwada duk wannan a kan ɗan sakin layi irin wanda ɗalibi zai iya rubutawa: *The news about the missing cattles are disturbing. The police is investigating, but the statistics they gave is not complete. Fifty thousand naira were promised as a reward, and one of the herdsmen have been invited.* Mataki na farko a kowace jimla shi ne a nemo ainihin aikau, a tsallake duk abin da ya rataya a bayansa. A jimlar farko aikau shi ne *news*, amma *about the missing cattle* bayani ne kawai da ya shiga tsakani. Ɗalibin ya rubuta *are* ne ko dai saboda *s* ta *news*, ko saboda shanun da suka fi kusa da aikatau sun ja hankalinsa, kuma wannan jan hankali na makusanciyar kalma yana kayar da har waɗanda suka san ƙa'ida. Gyaran shi ne *is*, sannan a cire *s* daga *cattles* domin kalmar jam'i ce tun asali. A jimla ta biyu *police* jam'i ce, sai *are investigating*. Abin sha'awa, ɗalibin da kansa ya rubuta *they gave*, wato ya san jam'i ce a wakilin suna ya manta a aikatau, kuma nuna masa wannan saɓani a rubutunsa ya fi dogon wa'azi tasiri. Kalmar *statistics* a nan tana da *the* a gaba, kuma abu ne da aka bayar, don haka alƙaluma ake nufi, sai *are not complete*. A jimla ta uku naira dubu hamsin lada ɗaya ce da aka dunƙule, sai *was promised*. A ƙarshe *herdsmen* jam'i ne daidai, amma aikau shi ne *one*, don haka *has been invited*. Kurakurai shida ke nan a jimloli uku, kuma in ban da na *statistics*, babu ko ɗaya da duban harafin ƙarshe zai iya gyarawa.

Gwajin maye gurbin suna da *it* ko *they* yana da amfani, kuma littattafai da yawa suna ba da shi, amma yana da iyaka a ajinmu. Yana aiki ne ga wanda kunnensa ya riga ya saba da Turanci; yaron da Hausa ce a kunnensa, in aka tambaye shi ko *trousers* *it* ce ko *they*, wando zai tuna ya amsa da *it*. Saboda haka sai an fara ba shi rukunonin, sannan gwajin ya zama hanyar tabbatarwa. Ga ƙaramar sakandare, ni zan fara da jam'in da bai bi ƙa'ida ba na kalmomin yau da kullum, in bi shi da *news* tare da *information* da *advice*, sannan sunayen darussan da ke jadawalinsu, sannan *trousers* da *police*. Ma'ana ta biyu ta *statistics* da *politics*, da batun *data* da *criteria*, gara a bar su sai babbar sakandare. Kowace kalma a ba da ita cikin cikakkiyar jimla mai *is* ko *are*, domin *news* ita kaɗai a kan allo ba ta koya wa yaro komai game da aikatau. A kuma nuna musu yadda ake karanta alamomin ƙamus na masu koyon Turanci, inda `U` ke nufin sunan da ba a ƙirgawa, `C` ke nufin wanda ake ƙirgawa, `pl` kuma ke nufin jam'i. Idan kalma tana da ma'ana biyu kamar *statistics*, ƙamus yakan sa wa kowace ma'ana alamarta daban, don haka a koya musu su karanta bayanin kalmar har ƙarshe kafin su zaɓi aikatau.